Amsar Yaya kan fassarar labarin zane

Tambaya: Yaya, an ba ni katun na yara in mayar Hausa, amma maganata ta ƙi shiga da'irar da ake rubuta zancen mutanen zanen a ciki. Ga wani SPLASH, ƙarar ruwa da Turanci, ga kuma wasan kalma. Yaya zan yi?

Amsa (an kwafo daga saƙon murya):

Wa alaikumus salam ƙanwata. To, abu na farko, kar ki ƙanƙance rubutun don ya shiga. Yawancin mutanenmu a waya za su karanta, in harufa suka yi ƙanana an yi aikin banza.

Ki fara da ƙirga gurbin, wato layi nawa da'irar ke ɗauka, kowane layi harafi nawa, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Bari in ba ki misali da wani da na yi. Yaro ne a bakin kududdufi, uwarsa na ƙwala masa kira. Da'irar layi biyu ce, kowanne gurbi goma. Da farko na rubuta "Ka yi hankali kada ka faɗa cikin ruwa!", na ƙirga, gurbi 38. Sai na sake duba hoton, ai ga ruwan nan mai karatu na gani da idonsa. Kuma wace uwa ce za ta tsaya jera wannan zance ɗanta na shirin faɗawa? Na mayar da shi "Kai! Za ka faɗa!", gurbi 16, ya zauna daram. Duk abin da zane ya riga ya nuna, ki cire shi daga baki.

Batun ƙara kuwa, nan Hausa ta yi mana gata da amsa-kama. Amma ki dubi zurfin ruwan. In yaron ya nutse gaba ɗaya, TSUNDUM ne. In taka ruwa ya yi ya fantsama, FACAL. Faɗuwa a ƙasa TIM, mari TAS. Ki faɗe shi da ƙarfi a gaban yaran gida, in suka yi turus to ba shi ba ne. Sannan ki gwada nau'in rubutun tun da wuri da Ɓ, Ɗ, Ƙ, don da yawa ba su da su, sai ki ga ɗan akwati ya fito a madadin harafi.

Wasan kalma ba ya fassaruwa, sabo ake ƙerawa wanda ya dace da fuskokin da ke hoton. Na taɓa samun uwa na miƙa wa yaro kuɗi, na sa ta ce "Sayo min gari." Shi kuma ya ce "Ko unguwa ba za su saya ba!" A baki garin tuwo da garin mutane sun bambanta, na tuwon ana jan wasalinsa, amma a rubutu iri ɗaya ne, shi ya sa ya ci. Turo min hoton shafin naki in ga me yaron ke riƙe da shi, daga nan za mu nemo kalmar.