Ƙwayoyin Baba sun haɗu a akwati ɗaya, ta yaya zan bambance su?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina yana da hawan jini da ciwon suga. Da safe yana shan amlodifin, lisinofiril, asfirin da metfomin, da dare kuma metfomin da atobastatin. Ina so in saya masa akwatin nan na jera magani na mako guda, amma uku daga cikin ƙwayoyin farare ne ƙanana, in na fitar da su daga kwalba ba zan iya bambance su ba. Wane iri zan saya, kuma yaya zan yi kada su rikice mini? Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya ƙara wa Baba lafiya, Ya saka miki da alheri.

Ki sayi mai gida 14, wato layin safe da layin dare na kwana bakwai. Mai gida 28 zai bar ku da rabinsa fanko, kuma gidan da ba kowa a ciki yakan sa tsoho ya yi zaton an manta da wani magani. Kafin ki biya, ki buɗe ki rufe kowane murfi ki ji ya yi ƙas, sannan ki tafi da ƙwayar metfomin ɗaya ki gwada, domin ita ce babba, kuma ƙananan akwatuna ba sa rufuwa in ta haɗu da sauran ukun. Akasarinsu harafin farko na ranakun Turanci kawai ke jiki, Asabar da Lahadi harafi ɗaya, Talata da Alhamis ma haka. Ki manna filasta a kan kowane murfi ki rubuta ranar da Hausa, ko da ajami in shi Baba ya fi karantawa. Mai ɗaukar na wata guda kuwa ban ba ki shawararsa ba. Yawancin magungunan nan an rubuta a jikinsu a ajiye su inda zafi bai wuce digiri 30 ba, ga zafin bazararmu da laimar damina, ƙwaya kuma ta fi tsira a mazubinta na asali.

Don kada su rikice miki kuwa, hotunan ƙwayoyin za ki ɗauka, kuma kafin ki zuba komai a akwatin za ki ɗauke su, lokacin da kowace ƙwaya ke tare da kwalbarta. Ki samu takarda ki shimfiɗa kusa da taga da rana. In ƙwayar fara ce, takarda mai duhu ta fi, ko bangon littafi shuɗi. Ki kashe hasken kyamarar waya, don yana wanke rubutun da aka zana a jikin farar ƙwaya har ya ɓace. Ki fito da ƙwaya biyu daga kwalba ɗaya, ki kwantar da ɗaya ta gaba, ɗaya ta baya, domin sau da yawa lamba tana gefe guda, tsagar rabawa tana ɗaya gefen. Ki sa rula ta 'yan makaranta a ƙasansu don a ga girma, kwalbar ko kwalin kuma a gefe yadda suna da ƙarfin maganin za su karantu. A wata 'yar takarda ki kwafi sunan harafi da harafi kamar yadda yake a jikin kwali, da miligiram nawa, da lokacin sha, da ranar da kika ɗauki hoton, ki sa ta cikin hoton. Kada ki matsa da wayar sosai har hoton ya yi dishi-dishi. Ki ja baya kaɗan, ki taɓa ƙwayar a fuskar wayar har ta fito tas. Sai hoto na biyu na gefen kwalin inda sunan kamfani, lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki suke.

Wani zai ce ai akwai shafukan da ake shigar da lambar jikin ƙwaya su faɗi sunanta. Akwai, amma galibinsu na magungunan kasuwar Amurka ne, inda doka ta wajabta buga alama a jikin ƙwaya. Namu da yawa daga Indiya suke zuwa ko a nan gida ake yi, wasu ma sumul suke ba rubutu ko kaɗan. Shi ya sa naki hoton ya fi amfani. Idan kuma kin tarar biyu daga fararen nan ba su da alama kuma girmansu ɗaya, ki nuna wa mai harhaɗa magani, ki roƙi ya canja miki ɗaya da na wani kamfanin mai siffa dabam.

Ranar cikawa, ki zaɓi lokacin da yara ba sa kanki. Kwalabe biyar ɗin duka ki jera su a hagu. Ki ɗauki amlodifin, ki ƙirga bakwai cikin faranti busasshe, ki rufe kwalbar ki mayar da ita dama, sannan ki raba su a layin safe. In kin kai gidan ƙarshe farantin ya ƙare daidai, kin yi daidai. In ɗaya ta rage, kin tsallake gida, in kuma ta ƙare da wuri, wani gida ya samu biyu. Ki gyara nan take kafin wata farar ƙwaya ta shigo. Kada kwalba biyu su kasance a buɗe lokaci guda. Metfomin 14 za ki ƙirga. In an gama, kowane gidan safe ƙwaya huɗu, na dare biyu, jimla 42. Ki ɗauki hoton akwatin a buɗe daga sama.

Ga inda wannan ɗawainiya za ta biya ki. A ce ranar Laraba likita ya ce a dakatar da lisinofiril saboda busasshen tari, wanda sanannen abu ne da wannan magani. Saura gida huɗu a layin safe, kowanne da farare uku. Ki buɗe hoton, ki ajiye ƙwaya ɗaya daga kwalbar lisinofiril a gefe don gwadawa, ki juye gida ɗaya a faranti, ki duba gaba da baya, ki cire wadda ta dace. In kin gama, huɗu za ki samu a hannu, kowane gida kuma saura uku. In zuciyarki ba ta kwanta da ko ɗaya ba, ki juye gidan a leda ki kai kemis, ki cika sabo daga kwalba. Haka ma ƙwayar da aka tsinta a ƙasa, ba a mayar da ita bisa zato.

Abin da ya fi ɓata irin wannan ajiya shi ne hoto ya tsufa. Duk sanda aka sayo sabon magani, ki gwada shi da tsohon hoto tun a gaban kanta, domin suna ɗaya daga kamfani dabam kan zo da launi dabam, kuma amlodifin mai miligiram 5 da mai 10 sukan yi kama ƙwarai. In ya canja, ki ɗauki sabo ki goge tsohon. Kada kuma ki jefar da kwali sai maganinsa ya ƙare. Ki tara hotunan a wuri guda a waya, ki tura wa ɗan'uwan da ke karɓarki in kin yi tafiya, amma a WhatsApp ki zaɓi Document wajen turawa, don kada a matse hoton ƙananan lambobin su dushe. Ki kuma wanke su a takarda ɗaya a ajiye kusa da Baba, saboda ranar da waya ba caji.

Ba kowane magani ke shiga akwatin ba. In an ƙara masa na sawa ƙarƙashin harshe don ciwon ƙirji, ko mai narkewa a ruwa da kumfa, ko wanda ake sha sai in buƙata ta taso, su zauna a mazubinsu. Na cikin kati kuma kada ki yanka shi gida-gida ki zuba da ledarsa, don mai raunin gani kan haɗiye har da ƙarfen. Akwatin kansa yaro yana iya buɗe shi, ki ajiye shi a sama cikin kabad, nesa da kicin da taga.