Sifilin farkon lambar waya yana ɓacewa a fayil ɗin CSV

Tambaya: Na haɗa lambobin wayar 'yan ƙungiyarmu ta nan Sakkwato a Excel, na ajiye a CSV. Da na sake buɗewa, sifilin farko duk ya ɓace. Ina mafita?

Amsa: Malam, kada ka yi saurin sake bugawa. Buɗe fayil ɗin da Notepad tukuna. In ka ga 0803 a farkon lamba, sifilinka yana nan. Excel ne ke cinye shi wajen buɗewa, don ya ɗauki lambar wayar a matsayin adadin lissafi. Haɗarin shi ne ka danna Save a wannan hali, nan kam ya tafi ke nan.

Maimakon danna fayil ɗin sau biyu, buɗe Excel, ka bi Data, sai From Text/CSV, sai Transform Data. Ka mai da layin lambobin Text, ka zaɓi Replace current, sai Close & Load, sifilin zai dawo.

In kuwa ka riga ka ajiye, lambobin sun koma guda 10 maimakon 11, sa wannan a layin gefe, in lambar farko tana A2:

```
=TEXT(A2,"00000000000")
```

Ka ja shi har ƙasa, ka kwafe, ka manna da Paste Values kafin ka sake ajiyewa.