Katin "sayi goma, karɓi ɗaya kyauta" yana riƙe kwastoma kuwa?

Tambaya: Ina sayar da takardar rubutu da tawadar firinta ga ofisoshi da makarantu. Wasu na ce mini in daina dogaro da rage farashi, in koma kula da kwastomomin da nake da su. Shi ne nake so in fito da kati, duk wanda ya sayi rim goma in ba shi ɗaya kyauta. Wannan ce hanyar riƙe kwastoma?

Amsa: Malam, ka ɗan dakata da buga katin nan mu yi lissafi tukuna, domin shi kansa katin ragin farashi ne, jinkirta shi kawai aka yi zuwa saye na goma sha ɗaya.

Masana harkar talla sun kasa ciniki gida biyu. Akwai cinikin saya-ka-wuce, inda hankalin ɗan kasuwa ke kan sayen yau: farashi, garaɓasa, talla, da yawan abin da ya fita kafin a rufe shago. Akwai kuma cinikin hulɗa, inda ake auna mutum da ribar da zai kawo tsawon shekarun da zai yi yana dawowa. Leonard Berry ne ya fito da sunan na biyun a 1983, yana magana kan kamfanonin da ke sayar da hidima. Ba a ce na farkon laifi ba ne. Mai sayar wa matafiya a filin jirgin sama, waɗanda galibinsu ba zai sake gani ba, ɓata kuɗi zai yi idan ya ce sai ya ƙulla zumunci da kowa. Kai kuwa masu sayenka kayansu ƙarewa yake yi duk wata, dole su sake saye, a wurinka ko a wurin wani. Irin kasuwancinka ne hulɗa ke biya.

To ga lissafin. A ɗauka kana sayar da rim ɗaya a kan 100, ko da wane irin kuɗi ne, kai kuma ka saro shi a kan 70. Ofishin da ya saba ɗaukar rim 11 yana bar maka ribar 330. Da katin, zai biya goma kawai, ribarsu 300, sannan ka cire 70 na wanda ka bayar kyauta, saura 230. A idon mai saye ragin bai wuce kashi 9 cikin ɗari ba, amma a aljihunka kusan kashi 30 cikin ɗari na ribarka ne ya tafi. Ribar kowane rim ta sauko daga 30 zuwa kusan 21, saboda haka kafin ka dawo kan 330 ɗinka sai ofishin nan ya riƙa ɗaukar rim 16 a cikin lokacin da yake ɗaukar 11. Ofis kuwa ba ya ƙara cin takarda don an ba shi kati. Ƙarin zai zo ne kawai idan dama yana raba sayensa tsakaninka da wani, ya kuma kwaso na can ya dawo da shi wurinka.

A nan ne yawancin irin wannan tsari ke yoyo. Waɗanda za su fara karɓar katin, su kuma fara cika shi, su ne manyan kwastomominka da dama ba su da niyyar tafiya ko'ina. Sai ka wayi gari kana biyan mutane ladan abin da suke yi maka kyauta. Daga baya ka duba littafi ka ga masu kati sun fi marasa kati saye, ka ce tsari ya yi aiki, alhali tun kafin katin haka suke. Idan kuma maƙwabcinka ya ga abin ya fito da nasa na "sayi tara", an koma gasar farashin da kake gudu, kuma janye kyautar da aka saba da ita ya fi fara ta wuya. Da kamfanin jirgin sama na American Airlines ya fito da AAdvantage, tsarin tara wa fasinjoji maki, a 1981, cikin ɗan lokaci sauran manyan kamfanonin jiragen Amurka suka fito da nasu, abin ya zama wajibi a kan kowa maimakon fifikon mutum ɗaya.

Amfanin katin na gaskiya yana cikin abin da yake sanar da kai. Kamfanin manyan kantuna na Tesco a Birtaniya ya fito da katinsa na kwastomomi mai suna Clubcard a 1995, kuma ragin da yake bayarwa a lokacin ƙarami ne, kusan kashi ɗaya cikin ɗari. Abin da ya samu a madadin haka shi ne sanin wane ne ke sayen me, kuma yaushe. Kai ma za ka iya samun wannan da littafi ɗaya, ba tare da ka ba da ko rim guda ba. Ka buɗe wa kowane kwastoma shafi, da izininsa: ranar saye, abin da ya ɗauka, yawansa, irin firintar da ke ofishinsa, da wanda ke ba da oda. Bayan wata uku za ka ga tazarar kowa. Makarantar da ke zuwa duk sati huɗu, ka kira ta a sati na uku ka ce tawadarsu tana nan an ajiye. Wanda ya saba zuwa duk wata, aka yi sati shida shiru, wannan ya fara tafiya ke nan, kuma kira ɗaya na tambayar ko akwai abin da ya faru yakan tono dalilin: an kai kaya a makare, ko tawada ta ƙi aiki aka yi gardama wajen canzawa. Ka canza ta nan take. Mai gasa da kai zai iya kwaikwayon katinka cikin kwana biyu, amma ba shi da shafin da ya nuna cewa firintar makarantar nan tawada kaza take ci, kuma odarsu tana ninkawa gab da jarrabawa.

Idan duk da haka kana son katin, to ka gyara shi ta fuska uku. Ka sa kyautar ta zama abin da ke da daraja a wurin mai saye amma yake da sauƙi a wurinka, kamar kai kaya har ofis, ko ajiye masa tawadar da ke yawan yankewa a kasuwa. Ka ɗora ladan a kan abin da kake so ya ƙaru, misali wanda ke sayen takarda kaɗai ya samu maki idan ya haɗa da tawada. Sannan kada ka ba da katin a wofi. Joseph Nunes da Xavier Drèze sun gwada wannan a wurin wankin mota, a binciken da suka wallafa a 2006: wasu sun karɓi kati mai gurbi takwas babu tambari ko ɗaya, wasu mai gurbi goma da an riga an buga biyu. Wanki takwas ne ya rage wa kowa, amma kashi 34 cikin ɗari na masu katin da aka fara cikawa suka kammala, na ɗaya ɓangaren kuwa kashi 19.

Kafin ka raba wa kowa, ka gwada. Ka zaɓi kwastomomi 40 masu matsakaicin saye, ka jera sunayensu, ka riƙa ba ɗaya kati kana tsallake ɗaya, don kada son rai ya shiga zaɓen. Bayan wata uku ka kwatanta ribar da 20 masu kati suka bari, bayan cire kuɗin kyaututtuka da na buga katin, da ribar 20 marasa kati a daidai wannan lokacin. Ka saka har da kyautar katunan da aka kusa cikawa, domin bashi ne a kanka ko da ba a zo karɓa ba tukuna. Idan ribar ɓangarorin biyu ta zo ɗaya, ko ta masu kati ta gaza, ka cika alkawarin katunan da ke hannun mutane, ka daina buga sababbi, ka ci gaba da littafin.