Me ya sa sanarwar yaya take sauka a wayar ƙane?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na haɗa wa masu shaguna manhajar lissafin ciniki a Android, ina tura sanarwa ta Firebase. A teburin masu asusu na ware gurbi ɗaya da nake ajiye token na kowa. Yanzu wani mai shago ya fita daga asusunsa, ƙanensa ya shiga da nasa a waya ɗaya, amma sanarwar kuɗin yayan tana ci gaba da zuwa wa ƙanen. Wasu kuma da suka sauya waya sun daina samun komai. Ina laifin yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Matsalolin biyu tushensu ɗaya ne, kuma yana cikin wancan gurbin guda ɗaya da ka ware. Ka ɗauki token a matsayin shaidar mutum, alhali token bai san mutum ba ko kaɗan. Abin da ya sani shi ne manhajarka kamar yadda aka girka ta a kan wata waya takamaimai. Kamar lambar ɗakin haya yake: wasiƙa ɗakin take zuwa, ko wanda aka rubuta wa yana nan, ko ya tashi wani ya tare.

Bari mu bi yadda ake samar da shi. Ranar da aka fara buɗe manhajarka, laburaren Firebase da ke cikinta yana ƙirƙirar wata lamba ta wannan girkin, wadda ake kira `Firebase installation ID`. Daga nan sai ya bi ta Google Play services ya nemi sabar Firebase Cloud Messaging ta yi masa rajista, yana gaya mata sunan manhajar da kuma aikin Firebase da take ƙarƙashinsa. Sabar ta mayar da dogon rubutu na haruffa da lambobi, shi ne token. Ka lura da abin da babu a cikin wannan musayar: babu lambar waya, babu sunan mai asusu, babu layin da ke cikin wayar. Shi ya sa mutum zai cire layi ya sa wani token bai motsa ba, shi ya sa kuma fita daga asusu a manhajarka ba ya taɓa shi. Google ba ta ma san manhajarka tana da wani abu wai shi asusu ba. A iPhone ma haka tsarin yake: manhaja ta kira `registerForRemoteNotifications`, sabar APNs ta Apple ta ba ta token na wannan manhajar a kan wannan na'urar.

To tunda haka ne, ƙulla token da mutum aikin sabarka ne kaɗai, kwance shi ma aikinta ne. Ga abin da ya faru a shagon nan. Yayan ya shiga, ka rubuta token na wayar a layinsa na teburin masu asusu. Ya fita, ka share masa zaman shiga, wato session, amma ka bar token ɗin a layin. Ƙanen ya shiga, manhajar ta nemi token, aka ba ta wancan dai, ka rubuta shi a layin ƙanen. Yanzu token ɗaya yana layuka biyu. Duk lokacin da aka biya yayan kuɗi, sabarka ta duba layinsa, ta tura, Firebase ta kai saƙon inda aka ce ta kai. Babu wanda ya yi kuskure a hanya, shi ya sa ba za ka ga wata alamar matsala a bayanan sabarka ba. Za ka iya tabbatar da wannan yau: ka bincika ko akwai token da ya bayyana fiye da sau ɗaya a teburin. Duk wanda ka samu, wata waya ce da ke karɓar sirrin wani. A wurinmu da waya ɗaya take yawo tsakanin mai shago da yaronsa, ko uwa da 'ya'yanta, wannan ba abu ne da zai faru jefi-jefi ba, kuma a manhajar da ta shafi kuɗi ni ban ɗauke shi ƙaramin abu ba.

Gyaran shi ne ka fitar da token daga teburin mutane ka ba shi nasa teburin, inda token ɗin ne mabuɗin da ba ya maimaituwa. Mutum ɗaya yana iya samun layuka da yawa, na wayarsa ta aljihu da ta shago, amma token ɗaya ba zai taɓa zama na mutum biyu ba. A PostgreSQL rubutawar za ta yi kama da haka:

```sql
INSERT INTO devices (token, user_id, updated_at)
VALUES ($1, $2, now())
ON CONFLICT (token)
DO UPDATE SET user_id = $2, updated_at = now();
```

Da wannan, shigar ƙanen kaɗai ta isa ta raba yayan da wayar, domin layin ya koma hannun wanda ya shiga ƙarshe. Abu ɗaya nake so ka kiyaye sosai: `user_id` ya fito daga zaman shigar da sabarka ta tantance, kada ka karɓe shi daga abin da manhaja ta aiko. Idan ka karɓa daga manhaja, duk wanda ya san lambar asusun wani zai iya ɗaura wayarsa a kai ya riƙa karanta sanarwarsa.

Saura lokacin fita. A nan ana yin abu biyu: manhaja ta gaya wa sabarka ta share layin, sannan ta kira `deleteToken()` domin Firebase ta kashe tsohon token ɗin baki ɗaya. Matsalar ita ce dukansu suna buƙatar intanet, mutum kuwa yana iya danna fita bayan datarsa ta ƙare. Manhajar ta nuna masa ya fita, saba ba ta ji labari ba. Don haka ka ajiye alama a wayar cewa akwai sharewar da ba ta kammala ba, a sake gwadawa da zarar intanet ta dawo. Ka kuma ɗaure layin token da zaman shigar, yadda idan zaman ya ƙare ko mutum ya sauya kalmar sirri, layin zai tafi tare da shi.

Ko da waɗannan, akwai ɗan lokacin da saƙo zai iya kutsawa, musamman da yake Firebase tana riƙe saƙon wayar da ke kashe har mako huɗu idan ba ka rage wa'adin ba. Wato saƙon da aka tura wa yayan ranar Litinin zai iya sauka ranar Alhamis a hannun ƙanen. Maganin yana cikin irin saƙon da kake turawa. Idan mai `notification` ne kuma manhajar ba ta buɗe, Android ce take nuna shi kai tsaye, manhajarka ba ta da bakin magana. Idan mai `data` ne kaɗai, yana biyowa ta `onMessageReceived`, sai ka sa lambar wanda aka yi saƙon dominsa a ciki, manhajar ta kwatanta da wanda ke ciki yanzu, idan ba su dace ba ta yi watsi da shi. Ni dai shawarata, adadin kuɗi da sunan abokin ciniki kada su hau sanarwa tun farko. A rubuta cewa an sami sabon biya, wanda ya buɗe manhajar da asusunsa ya ga sauran.

Yanzu waɗanda suka daina samun komai. Token yana sauyawa idan aka cire manhaja aka sake girkawa, idan aka goge bayananta, ko idan aka maido da ita a sabuwar waya. Firebase ma tana iya sabunta shi da kanta. Duk lokacin da sabo ya fito ana kiran `onNewToken`, kuma nan ne yawancin masu haɗa manhaja suke tsayawa. Ba ta isa ba. A sabuwar waya, `onNewToken` yakan tashi tun a buɗewar farko, kafin mutum ya shiga asusunsa. A lokacin ba ka da wanda za ka ɗaura wa token ɗin, sai aikawar ta faɗi, kuma ba za a sake kiran ka ba sai ranar da ya sake sauyawa. Mutumin ya shiga lafiya, komai yana aiki, sabarka kuwa tana ta tura wa tsohuwar wayar da ya sayar.

Akwai wani tarkon da ya fi wannan ɓoyuwa. Wasu suna ajiye alama a `SharedPreferences` cewa an riga an aika token, don kada su yi ta maimaitawa. Tun daga Android 6, tsarin ajiyar kai-tsaye yana kwashe irin waɗannan bayanan zuwa Google Drive ya maido da su a sabuwar waya. Sai alamar ta zo tana cewa an aika, alhali token ɗin wannan wayar bai taɓa isa sabarka ba. Ka daina dogaro da alamar. Ka kira `getToken()` bayan kowace shiga asusu da kuma lokacin buɗe manhaja, ka aika abin da ka samu. Rubutawar da ke sama ba ta damu da maimaici ba, sai ma ta sabunta maka `updated_at`.

Wannan kwanan watan yana da amfani wajen shara. Firebase tana ɗaukar token da bai yi motsi ba fiye da wata ɗaya a matsayin wanda ya tsufa, a Android kuma idan ya kai kwana 270 ba motsi tana kashe shi. Idan ka tura wa mataccen token, amsar da za ta dawo ita ce `UNREGISTERED` da lambar 404, sai ka share layin nan take. A APNs makamanciyarta ita ce 410. Amma ka yi hattara da `INVALID_ARGUMENT` mai lamba 400, domin tana iya nufin token ɗin ne gurɓatacce, tana kuma iya nufin saƙonka ne ba a tsara daidai ba. Idan ka sa sabarka ta riƙa sharewa a kan kowace 400, kuskure ɗaya a tsarin saƙo zai iya share maka teburin gaba ɗaya cikin dare ɗaya. `SENDER_ID_MISMATCH` kuma tana nufin token ɗin na wani aikin Firebase ne daban, yawanci na gwaji ya cakuɗe da na gaske.

Idan wani ya sake kawo ƙorafi bayan ka yi gyaran nan, ka fara da ɗauko token na wayarsa ka kwatanta da wanda ke sabarka. In sun bambanta, laifin aikawa ne. In ɗaya ne, ka tura saƙon gwaji daga shafin Firebase kai tsaye zuwa token ɗin. Amsar nasara tana nufin Firebase ta karɓi saƙon kawai, ba ta ce ya bayyana a allo ba. Daga Android 13 sai mai waya ya ba da izinin `POST_NOTIFICATIONS`, kuma wanda ya hana yana nan da token lafiyayye, saƙo yana isa amma ba a nuna shi. Haka nan manhajar da aka tsayar da ƙarfi ba ta karɓar saƙo sai an sake buɗe ta, wasu wayoyin kuma tsarin tattalin batirinsu yana yin abin da ya yi kama da hakan da kansa. A irin wannan yanayi token ba shi da laifi, kada ka share shi. Ka nuna wa mutumin inda zai kunna izinin sanarwa ya kuma cire manhajar daga jerin waɗanda ake taƙaita wa batir.