Muryar Kawu kan gwal, dala da lissafin giram

Tambaya: "Kawu, ina sayo gwal Dubai da dala, in saida nan Sakkwato da naira. Duk zuwa littafi na nuna riba, amma in na koma sayayya kayan da nika samu ba su kai na baya ba. Wasu sun ce in yi fowad da banki. Mi kake gani?"

Amsa:

Assalamu alaikum. Ɗana, na ji saƙonka tun da hantsi, ina shago ne shi ya sa ban amsa ba. Ka aje maganar banki tukuna, za mu zo gare ta. Ciwonka ga littafinka yake. Kana rubuta jarinka da naira, alhali jarin mai gwal giram ne. Ni tun da na gane wanga abu, shafin farko na littafina giram nawa gare ni, naira tana can baya.

Ɗauko biro, in ba ka misali. Lambobin na misali ne hwa, kar wani ya ce Kawu ya faɗi farashin yau. Gwal a kasuwar duniya da oza ake kiran kuɗɗinshi, oza guda giram 31.1 ne. Shi ne wanda kake gani ga wayarka an rubuta XAUUSD. Mu ce oza dala 3,000. Ka raba da 31.1, giram na tsantsa ya kama kusan dala 96 da rabi. To kai ba tsantsa kake sayowa ba, karat 21 kake ɗaukowa, shi ko gwal ɗin cikinshi 875 ne cikin 1,000. Ke nan giram ya dawo dala 84.4. Ka ɗora kuɗɗin ƙira, mu ce dala 5, ya zama 89.4. Dala tana 1,500, giram ya tsaya maka naira 134,100. Ka ɗauko giram 500, ka biya miliyan 67 da dubu 50. Ban sa tikiti da masauki da abin da ka biya wurin shigowa ba, kai ka san naka.

Ka zo gida ka saida giram 142,000. Kaya suka ƙare cikin sati shida, ga miliyan 71 cikin asusu. Littafi ya ce ka ci kusan miliyan 4, ka yi hamdala. Amma cikin sati shidan nan oza ta koma 3,150, dala ta koma 1,600. Sake lissafi: giram da ƙira ya zama dala 93.6, sau 1,600, kusan naira 149,800. Raba miliyan 71 da wannan, giram 474 za ka samu. Ka hita da 500 ka dawo da 474. Giram 26 sun tahi, sarƙa guda mai kyau ke nan, kuma ba wanda ya sace maka.

Ina suka ɓata? Tsakanin ranar da ka saida da ranar da ka maida. Duk kwanan da kuɗɗin gwal suka yi suna naira, abu biyu na cin su lokaci guda, tashin oza da tashin dala, kuma ninka juna suke. Muddin sarƙa na cikin gilas ba ka da fargabar tashi, don tana tashi da kasuwa. Ranar da ta zama naira nan hatsarin ya fara.

To abin yi. Na farko, farashin da kake faɗa wa mai saye ya hito daga abin da za ka biya ka maida kayan yau. Abin da ka biya wata biyu baya ya wuce. Kullum da safe kafin in buɗe gilas sai na duba oza, na kira ɗan canji, na yi wanga lissafi da na yi maka yanzu, minti biyar. In kasuwa na rawa in sake bayan azahar. Ga alama kuma: in ka ga 'yan uwanka masu shago sun fara zuwa sayen kayanka da yawa ba ciniki, to kai ne ka makara, farashinka na jiya ne.

Sannan cinikin rana kar ya kwana naira. Ka cire na cefane da na yaran shago, saura ka maida dala, ko ka zuba ga asusunka na dala a banki. Koma ga misalinmu. Da kana canzawa tun dala na 1,500, miliyan 71 ta ba ka dala 47,300 da 'yan kai. Ko da oza ta hau 3,150, giram 505 za ka ɗauko. Ka ga wanga mataki kaɗai ya tsare maka uwar kuɗɗi. Kar ka damu da dirhami, ɗaure yake da dala, 3.67 da ɗoriya tun 1997, wanda ya riƙe dala ya riƙe dirhami. Amma masu cewa su aje sefa don Illela da Ƙonni na kusa, su sani sefa da yuro take ɗaure, in yuro ya faɗi gaban dala ta bi shi.

Saura rabin, na oza. Dala a hannu ba ta hana gwal tashi. Maganinshi shi ne giram ya maye giram. Ka saida 20 yau, ka sayi 20 yau ko gobe. Hanya mai sauƙi tana ƙofar shagonka: matan da ke kawo tsohon gwal. Da naira kake biya, hannu da hannu, ba jirgi ba canji. Ka gwada shi da kyau dai, ka cire nauyin duwatsu da na lamba, ka tara, in ka tahi ka ba da a yi musaya ka biya ƙira. Ɗayar hanyar, in kana da dila amintacce can Deira, unguwar kasuwar gwal ta Dubai, ka tura kuɗɗi ta hanyar da doka ta yarda, ya yanke maka farashin ranar, abin da suke ce wa fis, a ware maka nauyinka da rasit. Da ka yi haka tun oza na 3,000, giram 529 za ka samu. Duba tazarar: 474, 505, 529, duk daga miliyan 71 guda.

A'a, bari in gyara, na ce amintacce na wuce da sauri. Nan kana musanya hatsari ne da wani hatsari. In dilan ya karye, ko ya kulle shago, giram ɗinka takarda ce kawai. Kar ka bar mishi abin da ya hi abin da za ka iya jure rasawa, kuma a sami wakilinka ya karɓa ya riƙe. Ta fuskar addini ma hakan ya hi, don hadisin Ubadatu ɗan Samit a fili yake, zinari da azurfa hannu da hannu.

Wanga ya tuno min da abin da har yau yana min zafi. Farkon 2024 wani bawan Allah ya zo zai haɗa lefen ɗanshi, giram 120 yake so. Muka yanke farashi, ya ba da kashi uku cikin goma, ya ce saura bayan sati uku. Don kunya da sanayya na ce to. Kuskurena, ban sayi giram ɗin ranar ba, na aje kuɗɗin kafin alƙalamin nan naira. Kun dai san abin da dala ta yi watan Fabrairun nan, ga 'yan canji ta doshi 1,900. Ya dawo sati biyar, ba uku ba, ya ce farashinmu na nan. Na cika alkawari, daga jarina na cika. Abin da ya hi ciwo, da naira ta farfaɗo watan Afrilu har dala ta sauko wajen 1,100 da wani abu, shi wanga mutum ya aiko wai in rage mishi tunda dala ta faɗi. Da ta hau bai ce a ƙara ba! Tun ranar, wanda ya ba ni kashi uku, giram na kashi uku na yanke mishi, in saya ranar in aje. Saura farashin ranar da ya kawo kuɗɗi. Haka dillalai mata masu ɗaukar kaya su zaga gidaje: giram nika rubutawa, ta dawo da kaya ko ta biya farashin ranar biya. Wasu sun yi hushi sun bar ni, na haƙura.

Wanga Afrilu kuma darasi ne gare ka. Wanda ya sayi dala kan naira 1,800 ya ga ta koma 1,200, in ya duba da idon naira ya yi hasara. Haka abin yake, kariya tana hana ka faɗuwa kuma tana hana ka cin sa'a. In ka zaɓi giram, ka daina leƙen abin da da ka samu.

Sai bashi. Ban sani ba ko kana ɗauko kaya bashi can, amma in kana yi, ka duba da mi aka rubuta shi. In an rubuta dala 40,000, kai kuma kana riƙe da sarƙoƙi, to tsoronka ya juye: faɗuwar oza ita za ta kashe ka, don kaya sun rage daraja bashi na nan. In giram aka rubuta, wanda suke kira anfis, kaya da bashi tare suke hawa tare suke sauka, amma ranar da ka saida dole ka yanke farashin daidai nauyin da ka saida, in ba haka ba kana bin naira ana bin ka gwal. Shi ne mafi muni duka. Kuma malamai da yawa ba su yarda da gwal bashi ba sam, wasu sun sassauta ga ƙerarre, ka zauna da malaminka kan wanga.

To fowad ɗin da suka ce. Alkawari ne da banki: bayan wata uku za su ba ka dala kaza kan farashin da aka yanke yau. Sai dai farashin ba na yau ba ne, sun ɗora bambancin ruwan naira da na dala, ruwan naira ko ya hi yawa nesa, don haka da tsada za ka same ta. Za su nemi takardun shigo da kaya da kuɗɗin ajiya, in dala ta sauko kuma dole ka karɓa yadda aka rubuta. Ga matsalar canji na jinkiri a shari'a. Bankunan Musulunci a duniya suna da tsarin wa'adi, alkawarin da ke ɗaure gehe guda kaɗai, don wanga, ka je ka tambayi namu na nan ko suna yi. Kuma ko ka samu, dala kaɗai ya kulle, oza na nan sake.

Masu ce maka ka buɗe asusun fiyuca ga waya kuwa, wato kwantaragin saye ko saida gwal nan gaba kan farashin da aka yanke yau, ka lura. Babban kwantaragin COMEX, kasuwar fiyuca ta Amurka, oza 100 ne, ya hi kilo 3, akwai kuma na oza 10. Kayanka giram 500 na 21, tsantsarsu giram 437 da rabi, oza 14 ke nan, ko na oza 10 bai zauna daidai ba. In kasuwa ta juya za su nemi ƙarin dala cikin awoyi, kai ko kuɗɗinka na cikin gilas, sai su rufe maka kan hasara. Na ga yara biyu... a bar wannan dai.

Yau da dare ka auna duk abin da ke shago, ka maida shi tsantsa: na 21 sau 0.875, na 18 sau 0.75. Ka haɗa da dalarka da nairarka an maida su giram, ka cire abin da ake bin ka. Turo min lambar ta gehe, ba cikin guruf ba, mu duba nawa ne ke kwana naira. An kira la'asar, sai anjima.