Garin da na ƙirƙira ya ƙi bambanta da Kano

Tambaya: Malama, ina rubuta labarin wani gari na ƙirƙira a tsakiyar hamada, mai rijiya ɗaya tak. Na sauya sunayen abinci da sarautu, amma duk wanda ya karanta sai ya ce ai Kano ce. Ina gyaran yake?

Amsa: Rijiyar nan taki ita ce maganin, ke ce ba ki ja gugarta ba. Ajiye fada tukuna. Ɗauki yarinyar da ake aika ɗiban ruwa, ki bi ta daga asuba har ta kwanta, kina ƙirga kowane moɗa.

A ce gidansu mutum takwas ne, rabonsu tulu uku a yini. To, me za su karya da shi? Koko dai ya fita. Duk wadda ta taɓa yin gasara ta san sai an jiƙa gero, an wanke, an markaɗa, an tace da ruwa mai yawa, sannan a tsiyaye. Idan jarumarki ta tashi da koko da ƙosai, ko da kin raɗa musu wani suna, mai karatu ya san a Yakasai yake. Abin da zai yiwu a can shi ne dambu, tunda tururi ke dafa shi, sai nonon raƙumi da dabino. Akushi kuwa da yashi za a goge shi. Idan Musulmi ne, ki duba yaushe suke alwala, yaushe larura ke kai su ga taimama.

Da hantsi baƙo ya yi sallama. Mu nan kafin a gama gaisuwa an dire masa ruwa. A can fa? Wataƙila baƙo ne ke shigowa da salkarsa, ya tsiyaya wa masu gida, wanda ya zo hannu rabbana kuwa a yi ta yi da shi. Kin ga al'ada ta fito ba tare da kin tsaya bayani ba.

Wajen camfi ne marubutanmu suka fi tuntuɓe, sai su jero "ba a kaza, ba a kaza" kamar dokar makarantar kwana. Ki tuna yadda kika san ba a zama a kan turmi: zama kika yi, aka daka miki tsawa. Haka za ki yi wa yarinyar. Ta yi tuntuɓe da la'asar, ruwa ya zube a bakin zaure. Wa ya fara salati? Wa za a rage wa rabo, ita ko uwarta? Ɗan sarkin rijiya in ya zubar, shi ma haka ake masa?

Idan kin gama, ki ƙara wa garin rijiyoyi goma a zuci, ki sake karanta yinin. Duk al'adar da ba ta girgiza ba, daga Kano kika taho da ita.