Shaidar inshora da kwafin folisi don shiga tanda

"Salamu alaikum 'yan uwa. Zan shiga tanda ta neman kwangila, an ce in haɗa da takardar shaidar inshora da kwafin folisi. Yaya ake nemansu, kuma ta yaya zan gane kamfanin yana da lasisi?"

Wa alaikumus salam, ɗan uwa. Kafin ka kira kowa, buɗe takardun tandar ka nemo sashen inshora, ka kwafe shi yadda yake, ka tura wa kamfanin ko dillalinka a rubuce. Kada ka tsaya a kan "ku ba ni satifiket", don abin da ke cikin fayil ɗinsu za su buga maka, ba abin da masu kwangila suka nema ba.

Takardar shaida taƙaitawa ce kawai, galibi shafi ɗaya: sunan wanda aka yi wa inshora, lambar folisi, irin inshorar, iyakar kuɗin da za a biya, ranar farawa da ta ƙarewa. Ba ta ƙara maka komai a kan folisin. Shi folisin shi ne yarjejeniyar, kuma ka nemi cikakke, da jadawalinsa, da sharuɗɗa, da abubuwan da aka togace, da duk takardun gyara da aka yi daga baya.

Ni abin ya taɓa cina. Aikin na wata 12 ne, an nemi inshorar ɓarnar da za ta shafi wasu mutane, miliyan 50 a kowane haɗari. Takardata ta nuna miliyan 50, na yi murna. Ashe jimillar shekara ce gaba ɗaya, kowane haɗari miliyan 20 ne kacal. Ga shi folisin saura wata 7 ya ƙare. Aka ajiye takarduna tun a tantancewar farko, ko farashina ba a duba ba. Da na lura da wuri, takardar gyara ɗaya ta ɗaga iyakar, da wasiƙar da ke nuna za a sabunta, da wataƙila sun wadatar. Don haka ka nema da saura mako 2 a rufe tandar, kuma ka tabbata sunan kamfaninka ya zo harafi da harafi kamar na rajista.

Batun lasisi kuwa, kada ka dogara da hoton da aka turo maka a waya. Shiga shafin hukumar da ke kula da kamfanonin inshora a ƙasarku, ka nemi cikakken sunan a jerin masu lasisi, ka duba ko an dakatar da su. Ka duba ajin lasisin ma, domin mai lasisin inshorar rai kaɗai ba shi da hurumin ba ka irin wannan. Lasisin dillali kuma nasa ne, ba ya wanke kamfanin.

In ta hannun dillali takardar ta fito, ɗauki lambar wayar kamfanin daga shafinsu na ainihi, ba wadda ke jikin takardar ba, ka ba su lambar folisin su tabbatar maka a rubuce yana aiki kuma kuɗin da ka biya ya iso gare su.